Na Karɓi Amana: Saƙon Farko na Ango ga Surukarsa

A daren kai amarya, idan motoci suka tashi daga ƙofar gida da guɗa da kukan ƙawaye, akwai mace ɗaya da a mafi yawan gidajen Hausawa ba ta shiga ko ɗaya daga cikinsu. Ita ce uwar amarya. Gwaggonni da innoni da yayye su ne ke raka yarinya, su kai ta ɗakin uwar miji, su ce "ga amana nan mun kawo", dangin ango su amsa da "Allah ya ba mu ikon riƙewa". Shi kansa ango a wannan lokaci yana waje tare da abokansa, sai dare ya yi nisa su rako shi sayen baki.

Haka ma a wurin ɗaurin aure. Waliyyin amarya da wakilin ango ne ke magana a masallaci ko a ƙofar gida, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha, a raba goro da alewa. Uwa tana cikin gida, sai dai labari ya iske ta cewa an ɗaura. Ke nan ana iya gama biki kaf, tun daga sa lalle har buɗar kai, mutum biyun da maganar amana ta fi shafa, wato wadda ta haifa ta raina da wanda ya ɗauka, ba su yi wa juna magana ko ɗaya a kanta ba.

Wannan gurbin ne saƙon ango ga surukarsa yake cikewa. A yau yakan zo ta waya, a rubuce ko da murya, a kwanakin farko na aure. Gajere ne, amma angwaye da dama sun fi jin nauyin rubuta shi fiye da tara kuɗin lefe, kuma suna da dalili.

Kunyar da ke tsakani

Tsakanin Bahaushe da uwar matarsa akwai kunya mai ƙarfi da aka gada tun kaka da kakanni. Suruki ba ya kiran sunan surukarsa, ko da wata ce daban mai irin sunan, sai ya sakaya ya ce "mai sunan Mama". Ba ya cin abinci a gabanta. Idan ya shiga gaishe ta yakan cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ido a ƙasa, a yi gaisuwa ta bayan labule. A karkara har yanzu akwai wanda zai hango surukarsa a hanyar kasuwa ya ratse ya bi wata hanya, ba don ƙiyayya ba, don girmamawa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ya nuna yadda irin wannan kunya ta surukai da ta ɗan fari ke tafiyar da zaman gida tun kafin zuwan Turawa.

Abin lura shi ne, wannan nisa al'ada ce ta kawo shi, ba shari'a ba. A aya ta 23 ta Suratun Nisa'i an lissafa uwar mata cikin matan da aurensu ya haramta ga namiji, kuma malaman Malikiyya, tare da mafi yawan malamai, sun ce haramcin yana tabbata da zarar an ɗaura aure, ko ba a tare ba, kuma ba ya gushewa ko da auren ya mutu. Wato a idon shari'a suruka muharrama ce, kamar uwa: halal ne ya zauna da ita, ya yi mata magana, ya raka ta tafiya. Don haka angon da ya aika mata saƙo bai keta wata iyaka ta addini ba. Aikinsa kawai shi ne ya faɗi abin da ke bakinsa ba tare da ya yaye labulen kunyar da al'ada ta rataya ba.

A da, ɗan aike ne ke ɗauke masa wannan nauyi. Babban abokin ango, ko wata gwaggonsa, su ke zuwa da goro da ɗan abin gaisuwa su ce ango yana godiya, yana ban gajiya. Bayan kwana bakwai ko makamancin haka sai shi da kansa ya je gaisuwar surukai tare da abokai, aboki ya yi yawancin maganar, shi kuma yana sunkuye yana amsa addu'a da "amin". Mai nisa yakan rubuta wasiƙa, da ajami ko da boko, a ba direban mota ya kai. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sannan saƙon murya ya biyo baya, ɗan aiken ya koma aljihu. Sai dai akwai bambanci babba: maganar ɗan aike iska ke ɗauke ta, saƙon waya kuwa yana nan ajiye. Uwa za ta iya sake saurarensa bayan shekara biyu, ranar da 'yarta ta yi yaji ta dawo gida da akwati.

Wace ce surukar?

Kafin ango ya rubuta komai, sai ya san wa zai aika wa, domin ba kullum amsar ke fili ba. Idan amarya 'yar fari ce, mai yiwuwa mahaifiyarta tana kunyarta, ba ta ko kiran sunanta, ba ta kuma shiga sha'anin aurenta a fili. A irin wannan gida sau da yawa ƙanwar uwa ko yayarta ko kishiyarta ce ta tsaya a matsayin uwar biki. Wata amaryar kuma tun yaye aka ba da ita riƙo, kaka ko gwaggo ce ta raine ta, ita ta sayar da akuyoyinta ta yi mata kayan ɗaki. Angon da ya aika wa mahaifiya ta jini dogon saƙon godiya ya manta da uwar riƙo ya shuka ɓacin ran da zai daɗe yana girba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya tambayi amaryar, ko yayarta: wa ya kamata a fara gaisarwa, wa ke biye? A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowace a cikinsu suruka ce, kuma ko da saƙon alkawari ɗaya ne zai tafi ga mahaifiya, gaisuwa da ban gajiya sai sun kai ga kowa. Uban amarya kuwa shi ake fara yi wa godiya, ko a haɗa shi a cikin saƙon, don kada ya zamana an tsallake mai gida.

Bakin da ake magana da shi

Sunan yanka ba ya shiga saƙon ko kaɗan. Ango yana kiranta da abin da 'ya'yanta ke kiranta: Mama, Umma, Inna, Iya, Hajiya, gwargwadon gida da gari. Idan bai sani ba, ya saurari yadda matarsa ke amsa wayarta.

Sai kuma yadda ake kauce wa nuna ta kai tsaye. Bahaushe mai ladabi ba ya ce wa surukarsa "kin tashi lafiya?" a farkon zama, sai ya ce "an tashi lafiya?" ko "kun tashi lafiya?" Ba ya cewa "ki yi mana addu'a", sai "a sa mu a addu'a". Wannan "an" da "a" da "ku" su ne takalmin da ake cirewa a bakin ƙofa idan magana ta waya ce. Ita ma amaryar ba a cika kiran sunanta gatsau a gaban uwarta ba, musamman idan 'yar fari ce ko mai sunan wata babba a gidan. Akan ce "ita", ko "mutuniyar", ko a yi amfani da laƙabin da gida ya sa mata. Kalmomin soyayya irin waɗanda ake tura wa budurwa, su "masoyiyata" da "hasken idona", ba su da wuri a nan. Uwa ba ta neman shaidar cewa yana son 'yarta, ta riga ta gani tun yana zaryar zance. Tana neman shaidar cewa ya san nauyin da ya ɗauka.

Alkawarin da ake iya dubawa

A nan ne yawancin saƙonni ke faɗuwa. Ango yakan cika baki da manyan kalmomi: ba za ta taɓa kuka ba, zai mayar da ita sarauniya, ba za ta nemi komai ta rasa ba. Uwar da ta yi shekara talatin a gidan miji ta san babu auren da ba a kuka a cikinsa, saboda haka irin wannan magana ba ta kwantar mata da hankali, sai ma ta sa ta ga yaro ne bai san abin da ke gabansa ba.

Abin da shari'a ta ɗora wa miji sananne ne. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun wajabta masa ciyarwa da tufatarwa da wurin zama, gwargwadon ƙarfinsa da matsayin matar. Idan ya kasa, ko yana cutar da ita, tana da damar kai ƙara gaban alƙali. A cikin Mukhtasar har an yi bayanin cewa miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa zuwa ganinta, alƙali yana iya yanke musu ziyara sau ɗaya a mako. A huɗubar bankwana kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tunatar da maza cewa da amanar Allah suka riƙi matansu. Duk wannan wajibi ne ko ango ya faɗa ko bai faɗa ba.

Abin da ke hana uwar amarya barci a makon farko ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi kusa. Yarinyar tana cin abinci kuwa, ko kunya ta hana ta? Idan zazzaɓi ya kama ta da dare, akwai mai kai ta asibiti? Idan suka saɓa, hannu zai ɗaga ko baki zai buɗe? Zai bar ta ta zo gida idan ana suna ko rasuwa? Karatun da aka ce za ta ci gaba da shi, maganar neman aure ce kawai ko da gaske ne? Yaya zamanta zai kasance da uwar miji da ƙannensa? Saƙo mai amfani shi ne wanda ya taɓa biyu ko uku daga cikin waɗannan, da kalmomin da uwa za ta iya aunawa da idonta nan da wata shida.

Tarihin Musulunci yana da misalin surukin da aka yaba da wannan hali. Abul As ɗan Rabi'u shi ne mijin Zainab, 'yar Manzon Allah, kuma surukarsa Nana Khadija 'yar'uwar mahaifiyarsa Hala ce. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, an kama shi cikin fursunonin Makka, lokacin bai musulunta ba. Zainab ta aiko da fansarsa, a ciki har da sarƙar da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aurenta. Manzon Allah ya gane sarƙar, ya nemi sahabbai su sake shi su mayar mata da kayanta, ya kuma karɓi alkawari ɗaya daga gare shi: idan ya koma Makka ya turo Zainab Madina. Alkawari ne mai ɗaci ga mijin da ke son matarsa, kuma babu mai tilasta masa da zarar ya bar Madina, amma ya cika shi. Bayan shekaru, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah ya ambace shi a bainar jama'a ya yabi surukutarsa da abu biyu, gaskiyar magana da cika alkawari. Ba a yabe shi da yawan abin da ya faɗa ba. Abu ɗaya aka nema, takamaimai, aka kuma ga ya aikata.

Misali daki-daki

A ɗauka ango malamin firamare ne a Zariya, yana haya ɗaki biyu, albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 da wani abin kirki ba. Amaryar 'yar Funtuwa ce, tana shekara ta biyu a kwalejin ilimi, saura mata shekara ɗaya. Mahaifinta ya rasu, baffanta ne ya ba da aurenta, mahaifiyar kuma da sana'ar ƙuli-ƙuli da adashi ta haɗa mata gado da katifa da kwanuka. Tun wajen neman aure uwar ta aiko a faɗa cewa ita dai burinta yarinya ta ƙarasa karatu.

Saƙon da irin wannan ango ya fi saurin rubutawa a daren farko yakan yi kama da haka: "Slm Mama, ina miki godiya da kika ba ni 'yarki, ina sonta fiye da raina. Na yi miki alkawari ba za ta taɓa zubar da hawaye ba, ba zan taɓa yi mata kishiya ba, duk abin da take so zan yi mata. Ki kwantar da hankalinki."

Niyyar tana da kyau, amma kusan kowane layi da matsalarsa. An gutsure sallama kamar ana yi wa aboki magana. An nuna ta kai tsaye da "miki" da "kika" da "ki". An manta da baffan da ya ba da auren da marigayin da ya haife ta. An yi maganar so a inda kunya ta hana. An yi alkawura uku da babu wanda mai wannan albashi, ko wani ɗan Adam, ke da tabbacin cikawa. Abu ɗayan da uwar ta roƙa da bakinta, wato karatu, ba a ko ambace shi ba.

Ga yadda zai iya zama idan an zauna an yi tunani:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mama, barka da asuba, an tashi lafiya? Ya gajiyar biki da ta baƙi? Allah ya huce gajiya, ya saka da alheri, ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ina godiya gare ku da Baffa da dukkan dangi bisa yarda da aka yi da ni. Na ga tarbiyya, na ga kuma ɗawainiyar da aka sha, Allah ya biya da Aljanna. An iso lafiya, tana nan ƙalau, ta karya, ƙanwata tana taya ta zama da rana idan na tafi aiki. Amanar da aka ba ni na karɓa, in Allah ya yarda ba za a ji na ɗaga mata hannu ko na ci mutuncinta ba. Abin da na samu shi za mu ci tare. Maganar makaranta tana nan yadda aka yi, idan an koma hutu za ta koma, na fara ware kuɗin rajista. Duk lokacin da ake son ganinta, ko wani sha'ani ya taso a gida, a sanar da ni, zan kawo ta da kaina. Idan an ga na kauce a wani abu, ni ɗa ne, a kira ni a yi mini faɗa. Muna nan tafe gaisuwa ranar Asabar in Allah ya kai mu. A sa mu a addu'a."

Wannan saƙo bai kai minti biyu ba idan da murya aka faɗe shi. Ya fara da gaisuwa cikakkiya, domin Bahaushe ba ya shiga magana kafin ya tambayi kwana da gajiya. Ya yi wa mamaci addu'a, abin da duk matar da mijinta ya rasu ke lura da shi a ranar auren 'yarta. Ya ba da labari na zahiri, ta iso, ta ci abinci, ba ita kaɗai ke wuni ba, kuma wannan shi ne abin da uwa ke son ji kafin komai. Alkawuransa huɗu ne: babu duka da cin mutunci, ciyarwa daidai ƙarfi, makaranta, da zumunci. Kowanne ana iya gani ko an cika. Bai ce zai wadata ta ba, ya ce abin da ya samu za su ci, wanda gaskiya ne a bakin malamin firamare. Sannan ya buɗe wa surukar ƙofar yi masa gyara, ya kuma sa ranar zuwa, don a san saƙon sharar fage ce, ba madadin gaisuwa ba.

Inda ake zamewa

Alkawarin kishiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi angwaye suka fi saurin furtawa cikin zumuɗi. A mazhabar Malikiyya, sharaɗin cewa miji ba zai ƙara aure ba abin ƙi ne a gindaya shi, kuma ba ya zama dole a kansa a gaban alƙali sai idan ya rataya shi da rantsuwar saki ko ya miƙa wa matar zaɓi a hannunta, ko da yake an so ya cika. Hanbaliyya kuwa suna ganin sharaɗin yana ɗaure shi, matar tana da damar neman a raba auren idan ya saɓa. Ga kuma hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir, mai nuna cewa sharuɗɗan aure su suka fi cancantar a cika. Ko da kotu ba za ta kama shi ba, uwar ba za ta manta ba, kuma ranar da ya karya wannan, sauran alkawuransa duk sun zube a idonta. Wanda bai da tabbacin zuciyarsa nan da shekara goma, gara ya yi alkawarin adalci da mutuntawa ya tsaya nan.

Kayan ɗaki ma wuri ne mai santsi. Yabon ɗawainiya a dunƙule ya isa. Da zarar ango ya fara lissafa kujeru da firji da gara, sai ya zama kamar yana auna abin da aka kawo, kuma idan uwar da bashi ta yi su, ko tana jin ba ta yi yadda ta so ba, ya taɓa mata ciwo. Haka nan saƙon farko ba wurin ƙorafi ba ne. Ko an yi saɓani a wurin biki kan motocin ɗaukar amarya ko kuɗin sayen baki, ko amarya ta kwana tana kukan gida, ba a sa shi a ciki. Masu shiga tsakani suna nan don wannan.

Akwai kuma saƙon aro, wanda ake kwafowa daga wayar aboki ko daga intanet. Ana gane shi da sauƙi: babu sunan gari, babu ranar zuwa, babu wani abu da ya shafi wannan yarinya ita kaɗai, ga kalmomi masu ƙyalli da ba a ji a bakin ango ko sau ɗaya ba. Wani ma da Turanci ake tura shi ga matar da ba ta jin Turanci, sai an nemo ɗan makaranta ya fassara. Mata suna haɗuwa a gidajen biki da suna, suna nuna wa juna waya, kuma ba abin mamaki ba ne surukai biyu su tarar saƙo iri ɗaya aka aiko musu.

Rubutu ko murya, kuma yaushe

Zaɓin ya danganta da surukar. Idan ba ta karatun boko, saƙon rubutu yana nufin wani ne zai karanta mata, watakila ƙanin amarya ɗan shekara goma sha biyu, ko maƙwabciya. Duk abin da ango ba ya so na uku ya ji, kada ya rubuta. Saƙon murya ya fi dacewa a nan, domin tana jin ladabin a cikin muryar, tana kuma iya saurare ita kaɗai a ɗakinta. Sai a nemi wuri shiru, ba cikin hayaniyar abokai ba, a yi magana a hankali, kada ya wuce minti biyu. Mai ƙaramar waya kuwa sai a tuna cewa saƙon tes guda ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, idan kuma aka sa haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ yakan ragu zuwa 70, wasu tsofaffin wayoyin ma ba sa nuna su daidai. Dogon saƙo zai iya isa a gutsuttsure. A irin wannan hali kira ya fi, ko a koma wa tsohuwar hanya a tura babban aboki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne washegarin tarewa ko kwana na biyu, da hantsi, bayan an karya. Tsakar dare rashin ladabi ne, barin sa har mako ya wuce kuma yana sa uwa ta fara saƙe-saƙe. Yana da kyau amarya ta san an aika, har ma ta ji abin da ke ciki, tunda alkawarin a kanta aka yi, kuma ita ce shaidar farko idan aka cika ko aka saɓa.

Amsa da abin da ke biyo baya

Kada ango ya sa ran doguwar amsa. Kunyar ta ɓangare biyu ce. Wata surukar za ta ce "Allah ya yi albarka, ya ba da zaman lafiya, a yi ta haƙuri da juna" ta kashe waya. Wata ba za ta amsa ba sam, sai dai ta gaya wa 'yarta ko ƙanwarta cewa yaron nan ya kyauta, maganar ta zagayo ta iske shi. Shirun ba ƙi ba ne, kuma ba dalili ba ne na sake turo wani saƙon ana tambayar ko an gani.

Alkawarin yana fara fuskantar jarrabawa da wuri. Ranar Asabar ɗin da aka ambata, a je, da goro ko sabulu ko turmin atamfa gwargwadon hali. Idan an koma makaranta, a ga yarinya ta koma. Idan ciki ya zo, maganar goyon ciki za ta taso, wato al'adar komawar mace gidan iyayenta don haihuwar fari da wankan jego na kwana arba'in, kuma a nan ne ake gane ko "zan kawo ta da kaina" magana ce ko aiki.

Wani lokaci kuma hali kan ci tura. Albashi ya makale wata biyu, kuɗin rajistar da aka ware ya tafi asibiti, zangon karatu ya kusa wucewa. Abin da ke ɓata surukuta a nan ba rashin kuɗin ba ne, ɓoyewar ce, har uwa ta ji a bakin wasu cewa 'yarta ta daina zuwa makaranta. Malamin Zariyan nan, idan haka ta same shi, hanyarsa ita ce ya riga kowa faɗa: ya shiga mota ya je Funtuwa, ko ya tura wanda ya yi masa wakilci a ɗaurin aure, a gaya wa Baffa da Mama abin da ya faru, nawa ya rage a cike, da zangon da ake sa ran za ta koma. Sau da yawa a irin wannan zama ne uwa ke cewa akwai kwasar adashinta a ƙarshen wata, a haɗa a biya, ya mayar mata idan albashi ya fito.